Na samu aiki a Abuja, miliyan biyu da rabi zai ishe ni tashi daga Kano da iyali?

Tambaya: Salam Alhaji, Allah ya ƙara girma. Na samu aiki a Abuja, ofishin yana wajen Sakatariya, albashin dubu 350 ne kuma an ce in fara wata mai kamawa. Ina da mata da yara biyu 'yan firamare, abin da na tara gaba ɗaya miliyan 2 da rabi ne. Wani ejan ya ce akwai ɗaki da falo a Kubwa miliyan 1 da dubu 200. In kama in kwaso su gaba ɗaya ko yaya?

Wa alaikumus salam Malam, Allah ya sanya albarka ya sa ka shiga a sa'a. Ni shawarata kar ka kama wannan gidan yanzu, kuma kar ka kwaso iyali sai ka ga alat ɗin albashin farko da idonka. Bari in yi maka lissafin yadda nake yi wa ma'aikatan da ake yi wa canjin wurin aiki, don harkar da na daɗe a cikinta ke nan, kuma abin da na fi ganin yana karya mutane shi ne tsakanin ranar da ka biya kuɗin gida da ranar da albashi ya fara shigowa, wannan ɗan tsakanin shi ne inda mutum yake cin bashin da zai shekara yana biya.

Farko ma dubu 350 ɗin nan, ka duba takardar ɗaukar aikin da kyau, shi ne abin da zai shigo asusunka ko kuwa kafin a cire ne? Domin akwai fansho kashi 8 cikin ɗari da dokar fansho ta 2014 ta ɗora wa ma'aikaci, akwai haraji, idan aikin gwamnati ne akwai kuɗin asusun gidaje ma, to idan kafin a cire ne abin da za ka riƙe a hannu bai kai haka ba. Ka kira wani a sashen kuɗi ko wani da yake mataki ɗaya da kai ka tambaye shi kai tsaye nawa yake shigo masa. Zan yi lissafin nan a kan cewa 350 ɗin shi ne na hannu, idan ba haka ba ne sai ka rage komai.

To yanzu gidan. Miliyan 1.2 da ejan ya faɗa maka kuɗin haya ne zalla, kuma a Abuja shekara guda ake biya a dunƙule, wasu masu gidan ma idan sabon gini ne sai su ce shekara biyu. A kan wannan akwai la'adar ejan, yawanci kashi 10, akwai kuɗin lauya na rubuta yarjejeniya wanda suke ce wa agiriment, shi ma sau da yawa kashi 10 ne ko da yake wani wurin za ka samu 5, sannan akwai koshin, wato kuɗin ajiya da mai gida yake riƙewa saboda ko ka lalata wani abu. Mu ɗauka dubu 120 da dubu 120 da dubu 100, ka ga gidan ya koma miliyan 1 da dubu 540 tun ba ka sa ƙafa a ciki ba. Idan cikin estet ne akwai sabis caji na maigadi da shara da famfon ruwa, wannan daban ne kuma duk shekara ne. Sannan kowane ejan da zai kai ka ganin gida sai ya karɓi kuɗin dubawa kuma kai za ka biya motar ku biyun, ka ware masa kamar dubu 20. Don haka idan ka kira ejan kar ka tambaye shi nawa ne haya, ka ce masa nawa ne komai da komai har a miƙo min makulli, kuma ya turo maka a rubuce a waya ɗaya bayan ɗaya, don da baki za su ce maka ai ba wani abu sai ranar biya ka ji wani sabon kuɗi ya fito.

Koshin ɗin nan a takarda kuɗinka ne, ana mayarwa idan za ka tashi, amma a lissafinka ka ɗauka ya tafi. Mafi yawan masu gida za su ce fenti ya yi datti, hannun ƙofa ya lalace, sai su cinye. Abin da yake taimako shi ne ranar da aka ba ka makulli, kafin ka shigar da ko tsintsiya, ka ɗauki bidiyon ko'ina, tayil ɗin da ya fashe, silin ɗin da ya yi tabon ruwa, famfon da yake ɗiga, ka tura wa mai gidan ko kiyataka a ranar, kuma ka tabbata an rubuta adadin koshin ɗin a cikin yarjejeniyar da sharaɗin mayarwa. Kuɗin kuma kar ka tura asusun ejan, ka tura wanda sunansa ya yi daidai da na mai gidan ko lauyansa da ke cikin takardar, ka karɓi rasit, kuma kafin ka tura ka ƙwanƙwasa wa maƙoci ka tambaye shi wa yake biya haya. Akwai masu karɓar kuɗin mutum uku a kan ɗaki ɗaya su kashe waya, kuma alamarsu ɗaya ce, gaggawa, ka biya yau don wani yana hanya da kuɗi, ga gidan ya yi arha fiye da na kusa da shi.

Bayan wannan akwai kuɗi uku da kusan kowa yake mantawa. Na ɗaya gyara, domin da wuya ka samu gidan haya da ba sai ka canza makullai ba, ka sa ragar sauro a taga, labule da ƙarfensa, ƙwayayen fitila, wataƙila fenti, na sa maka dubu 120. Na biyu motar kaya daga Kano, tafiyar kilomita ɗari huɗu da wani abu ce ta Zariya da Kaduna, na sa dubu 250 haɗe da 'yan dako a can da nan. Na uku makaranta, don yaro sabon shiga ba kuɗin zango kawai zai biya ba, akwai fom, rajista, yunifom, kayan wasanni, littattafai da dole a wajensu za ka saya, yara biyu a makarantar kuɗi mai sauƙi na sa dubu 250. Waɗannan lambobin na kafa misali ne da su, kai ka buga waya ka sa na gaskiya a gurbinsu, amma tsarin ba zai canza ba. Uku ɗin sun tashi dubu 620. Ka haɗa da 1,540,000 da dubu 20 na ganin gida, ya zama miliyan 2 da dubu 180. Abin da ya rage maka dubu 320 ke nan, da mata da yara biyu a garin da ba ka san mai shagon da zai ba ka bashin Maggi ba, kuma wannan kuɗin wata ɗaya ne da 'yan kwanaki.

Shi ya sa nake cewa daga baya ake fara lissafin, ba daga gida ba. Ka fara cire kuɗin rayuwar wata biyu ka ajiye shi gefe kamar ba naka ba. Me ya sa wata biyu? Ko kamfani ne mai biya a kan lokaci, idan ka fara ran 1 ga wata sai ƙarshen wata za ka ga kuɗi, idan kuma ka fara bayan an rufe lissafin albashin watan to sai wata na biyu a haɗa maka. Idan gwamnatin tarayya ce sai an shigar da kai tsarin biyan albashi na IPPIS, kuma sabon ma'aikaci ya yi wata biyu ko uku ko fiye bai ga komai ba wannan ba sabon abu ba ne, ariyas ɗin zai zo amma mai shinkafa ba zai jira shi ba. Akwai alawus ɗin kwana 28 na farko da dokar aikin gwamnati ta tanada a madadin kuɗin otal, ka tambaya ka cika takardarsa don haƙƙinka ne, kamfanoni ma wasu suna ba da kuɗin tashi ko bashin haya da ake cirewa a hankali, ka tambaya tun yanzu ba kunya, sai dai duk kuɗin da bai shigo ba kar ka sa shi a lissafi. A yanayinka wata ɗaya da abinci da mota da wuta da ruwa da gas da kati zai ci kusan dubu 300, biyu dubu 600, ka ƙara dubu 100 na rashin lafiya ko wata larura daga gida, dubu 700 ke nan. Cire shi daga miliyan 2.5 saura miliyan 1.8. Cire 620 ɗin can saura miliyan 1 da dubu 180. Cire koshin da ganin gida dubu 120 saura miliyan 1 da dubu 60, ka raba shi da 1.2 saboda kason ejan da na lauya, zai ba ka wajen dubu 880. Wato gidan da ƙarfinka ya kai yau na dubu 850 ne zuwa 900.

To a nan ne mutum zai ce bari in nemi mai arha can nesa, Suleja ko Madalla, ko ta ɗaya ɓangaren Mararaba da Masaka da suke cikin jihar Nasarawa. Ba laifi ba ne, dubban mutanenmu can suke zaune kuma akwai Hausawa sosai, amma ka yi lissafin gida da mota tare, domin tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin mota ya zama haya ta biyu. A tsakiyar birni ba a barin acaɓa da adaidaita, mota ce kawai, kuma da wuya mota ɗaya ta ɗauke ka daga ƙofar gida zuwa ƙofar ofis. Misali kana Kubwa, adaidaita daga gida zuwa babban titi 300, mota zuwa Sakatariya 1,000, zuwa da dawowa 2,600, sau kwana 22 na aiki dubu 57 da ɗari biyu a wata. Yanzu ga wani gida na dubu 750 can ciki da sai ka hau mashin, ka hau mota, ka sake sauka ka hau wata, a ce 4,600 a rana. Bambancin 2,000 ne a rana, a shekara dubu 528. Abin da ka rage a haya dubu 450 ne, da dubu 90 na ejan da lauya, 540. Ka ga kunnen doki aka yi, sai dai kai ka ƙara da fita tun kafin asuba da go-silon hanyar Nyanya ko ta Zuba da dawowa bayan isha'i yara sun yi barci. Amfaninsa ɗaya ne kuma na gaskiya ne, kuɗin mota kullum kake biyansa kaɗan kaɗan daga albashi, haya kuwa a dunƙule take, don haka wanda ba shi da dunƙulallen kuɗi zai iya zaɓar nesa da saninsa na shekara ɗaya. Amma kar ka yarda da abin da ejan zai ce maka wai minti ashirin ne zuwa gari, ka je unguwar da kanka ranar Litinin ƙarfe shida da rabi na safe ka bi hanyar har ofis, ka rubuta kuɗin da lokacin, ka sake bi da yamma don da yamma da ranar ruwan sama kuɗin yana tashi. Kuma ka sa ɗan ƙari a kuɗin motar nan, saboda matsalar 'yan wan cans, wato ɓarayin da suke ɗaukar mutum a mota kamar ta haya su yi masa fashi, gaskiya ce a Abuja, ranar da dare ya yi maka gara ka shiga tasha ko ka kira motar waya ka biya da tsada da ka tsaya bakin titi ka shiga duk wadda ta tsaya.

Abin da zan yi da ni ne kai, in tafi ni kaɗai da jaka ɗaya, in sauka wajen ɗan'uwa ko aboki na sati shida zuwa takwas, in gaya masa tun farko ranar da zan tashi kuma in riƙa sa hannu a cefane da wuta don zaman ya yi daɗi. Iyali su zauna Kano yara su ƙarasa zangon da aka riga aka biya. Wannan ma ba kyauta ba ne, tukunya biyu za ka riƙa ɗorawa, ka tura gida kamar dubu 130, kai ka ci dubu 90 don abincin sayarwa a Abuja yana da tsada, mota dubu 60, da zuwa Kano ganin iyali ko sau ɗaya a wata, kusan dubu 300 ɗin nan dai ce. Ribar ita ce ba ka kulle miliyan ɗaya da rabi a hannun mai gida ba tun ba ka san garin ba, kana da lokacin ganin gida biyar ko shida ba tare da motar kaya tana jiranka a waje ba, abokan aiki za su nuna maka gidan da wani zai tashi wanda wataƙila ba ejan a tsakani, kuma idan albashi ya shigo a ƙarshen watan farko to dubu 700 ɗin nan ba ta ƙare ba, a lokacin kana iya kama na miliyan 1.2 ɗin hankalinka kwance. Idan kuma hayar gidanku na Kano ta kusa ƙarewa ka roƙi mai gidan ya karɓi ta wata uku maimakon shekara, a Kano ana samun wannan fahimtar musamman idan kun daɗe tare.

Idan ka zo duba gidan akwai abu biyu da suke cin kuɗi a ɓoye, wuta da ruwa. Ka tambaya mita ce ta kati ko bil ake kawowa, kuma taka ce kai kaɗai ko ta haɗaka ce da sauran 'yan haya. Ko ta kati ce tana iya ɗauke da tsohon bashi da kamfanin wutar Abuja, AEDC, suke cirewa duk lokacin da aka sayi wuta, hanyar ganewa mai sauƙi ce, ka karɓi lambar mitar ka sayi wutar dubu biyu ka duba rasit ɗin, idan akwai bashi za ka ga an zaftare kuma yunit ɗin bai kai ba, to a warware wannan da mai gida a rubuce kafin ka biya haya. Ka kuma tambayi layin wutar da unguwar take, tun watan Afrilun 2024 da aka ɗaga kuɗin 'yan Band A, wato layin da aka fi ba wuta, zuwa sama da naira 200 kowane yunit, gida biyu masu kaya iri ɗaya wani yana biyan ninki uku na wani. Ruwa kuwa ka buɗe famfon da hannunka, ka leƙa bayan gida ka ga akwai tanki da bohol, idan ka ga 'yan garuwa da kura suna ta kai da kawo a layin ka san saya za ka riƙa yi, kuma gida mai yara biyu da wanki kura ɗaya ba ta wuce kwana biyu ko uku, ka tambayi mai kurar nawa ne ka ninka. Ka duba ƙasan katanga ma, idan akwai layin tabon laka da ya kai gwiwa to ruwa yana shiga da damina, wasu sassan Lugbe da Lokogoma an san su da haka. Gidan da ya yi arha sosai a cikin ƙauyukan da ke jikin birni kuma ka duba ko akwai jan fenti na rusau a bangon layin, idan aka rushe ba mai mayar maka da hayarka.

Maganar kaya, yawancin abin da ke ɗakin na matarka ne, kayan da iyayenta suka yi mata, don haka ku zauna da ita ku yanke abin da za a ɗauka, kar ka yanke kai kaɗai. Ɗaki da falo na Abuja ƙanana ne, ka auna da tef kafin ka ɗauko gado da sif da kujeru saiti guda su zo su ƙi shiga ƙofa, kuma kayan katakon zamanin nan na garin katako idan aka kwance aka ɗaura sau ɗaya ba sa komawa daidai, sai ka biya kafinta a can ya kwance ka biya wani a nan ya haɗa. Sau da yawa ya fi sauƙi a bar manyan a gidan iyaye a ɗauko katifa, firij, kayan kicin, gas da tufafi, sai ƙaramar mota ta isa. Da direba ku yi ciniki har ƙofar gida, a faɗa a fili cewa mai da duk abin da za a nema a hanya na takardu da 'yan karɓar haraji a kansa yake, ka ba da rabi a Kano rabi idan an sauke, wani naka ya bi motar, kuma a tashi da sassafe don a wuce hanyar Kaduna da rana. Gurbin da ya rage a motar ka cika shi da abinci, shinkafa, wake, masara, gero daga Dawanau, man gyaɗa, busasshen kayan miya, kuka, kuɓewa, daddawa, wannan kaɗai zai sauke maka kuɗin cefanen wata biyu na farko, lokacin da Hajiya ba ta riga ta san inda ake sayen abu da sauƙi ba kuma komai a shagon layi za ku riƙa saye da tsada. Daga baya za ku gane kasuwannin da ake sari irin su Dei-Dei da Karmo da Zuba, cefanen zai sauko da kansa.

Sai abu ɗaya da za ka fara tun albashin farko bayan ka kama gidan, hayar baɗi. Gidan miliyan 1.2 yana nufin dubu 100 duk wata, ka cire ta ranar da alat ya shigo ka kai asusun da ba ka da katinsa ko adashin da ka yarda da shi wanda kwasarka za ta faɗo wata biyu kafin haya ta ƙare, ka ɗan ɗora wani abu a kai don masu gida a Abuja suna ƙari kuma ba sa ba da dogon lokaci. Cikin 350 idan ka cire 100 na haya da kusan 60 na mota saura 190, a ciki za a ci abinci, a biya wuta da ruwa, a tara kuɗin makarantar zango na gaba, a tura wa su Baba. Idan ka zauna da biro ka ga 190 ba za ta ɗauki wannan ba, to ko albashi ya shigo na dubu 900 ɗin za ka nema, ko kuma iyali su ƙara zango ɗaya a Kano. Mutanen gida kuma ka gaya musu tun yanzu cewa sai bayan wata uku za ka dawo da aiken da ka saba, don da zarar an ji ka koma Abuja buƙatu za su ƙaru, gara su ji daga bakinka da wuri.